Kofin Shayin Da Ya Cika Kansa

Na taɓa kallon wani gajeren bidiyon barkwanci da samari suka ɗauka da waya a teburin mai shayi. Kwastoma ya kurɓi shayinsa har ya kusa ƙarewa, sai aka juya kan mai shayi yana neman kuɗinsa. Da aka dawo, ga kofi cike taf, hular kwastoman kuma ta koma gefen hagu. Labarin ba laifi, amma mun fi yi wa kofin dariya.

Abin da ya jawo haka shi ne sun fita lokeshan da rubutaccen labari kawai. Shi labari magana yake ɗauke da ita. Inda za a tsaya da waya kuwa, da abin da za a fara ɗauka, aikin wata takarda ce da ake kira jerin ɗauka.

Mu ce wannan fitowa ta 3 ce. Sai a yanka ta gida huɗu, kowane da layinsa. 3A daga nesa, a ga tebur da mutanen biyu. 3B fuskar mai shayi. 3C fuskar kwastoma. 3D hannunsa yana lalube a aljihu. A gaban kowane layi a rubuta maganar da za a faɗa da kimanin daƙiƙoƙin da za ta ci. A saman takardar kuma a yanke tun farko: wayar a tsaye, 9:16, idan TikTok za a kai, ko a kwance, 16:9, don YouTube.

Ba bin labari ake yi daki-daki wajen ɗauka ba. Idan an kafa waya a kan mai shayi, a ɗauke duk maganganunsa a nan kafin a matsa, ko da na ƙarshen fitowar ne. Wannan yana rage wahala, amma shi ne ke haifar da irin kuskuren kofin, domin tsakanin 3B da 3C ana iya shafe rabin awa.

Shi ya sa ake sa mutum ɗaya, wanda 'yan fim ke cewa mai kontiniti, ya riƙa rubuta bayanin fitowa: shayi rabin kofi, a hannun dama, hula ta karkata dama, ƙarfe 7 na safe, rana a bayan mai ɗauka, an maimaita sau uku, na biyu ne mai kyau, a na uku babur ya wuce. Ya kuma rubuta gefen teburin da wayar take. Idan aka tsallaka ɗaya gefen, wajen tacewa sai a ga su biyun suna kallon waje guda maimakon juna.

Wanda rubutu ke yi wa nauyi, ya ɗauki hoton teburin da 'yan wasan da wata wayar kafin kowa ya motsa. Kuma kada ku sallami 'yan wasa sai kun bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya kun soke kowanne.