Gajiya, taya da lissafin hanya: abin da ke gaban direban haya

Motar da ke gudun kilomita 90 a awa, wato iyakar da doka ta yanka wa motocin haya a manyan tagwayen hanyoyin Najeriya, tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa uku kacal, motar ta yi tafiyar mita 75 ba mai riƙe da ita. Abin da ya sa irin wannan barci ya fi muni shi ne mai shi ba ya sanin ya yi. Sai dai yana da alamu: yawan hamma, nauyin ido, mota ta riƙa zamewa daga hannunta, ko direba ya wuce gari bai tuna ya wuce shi ba. Ya fi kama mutum daga ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, sai kuma bayan azahar, musamman in an cika ciki.

Goro da kofi jinkirta barci kawai suke yi. Tiramadol kuwa, da wasu ƴan acaɓa ke sha don su cika balas, ɓoye gajiyar yake yi, ya kuma rage saurin taka birki. Maganin barci dai barci ne, ko da na minti 20 ne a gefen hanya.

A duba abin hawa, taya ce kan gaba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo na iya zuwa da zanenta raɗau alhali robar ta tsufa ta fara tsagewa, kuma irinta ce ke fashewa idan kwalta ta ɗau zafi a watan Afrilu. Ana auna iska da safe ne, kafin taya ta yi zafi. Birkin da ya yi laushi a ƙafa kuwa alama ce ta yoyon man birki ko iska a cikin bututu. Ga mai babur, sarƙa ba ta son sakin da ya wuce santimita 2 zuwa 3, kuma hular kwano da ba a ɗaure igiyarta ba ado ce kawai.

Tsara tafiya lissafi ne. Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, kuma da shingayen bincike da cunkoso tafiyar kan ci awa shida ko fiye. Direban da ya gama lodi da ƙarfe 7 na safe zai iya hutawa a Kaduna, ya shiga Abuja da rana tsaka. Wanda ya ce sai ya juyo a ranar, dare zai riske shi a hanya bayan awa goma a kan sitiyari, ga hasken fitilun manyan motoci na dukan idonsa. Lokacin hunturu kuma hazo kan rufe hanya da sassafe, don haka gara a jinkirta tashi har gari ya washe.