Ciwon gwiwar hannu: Abin da ya sa allura ba ta kai motsa hannu amfani ba

Duk lokacin da aka shiga yankan shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi, mai lauje kan yini yana damƙa yana ja. Irin wannan maimaicin ne kafinta ke yi da guduma, ɗalibi kuma da biro. Sakamakon da kan biyo baya shi ne zafi a ƙashin da ya turo a gefen waje na gwiwar hannu.

A kan wannan ƙashi ne jijiyar da ke ɗaure tsokokin ɗaga wuyan hannu take manne. Duk damƙar da aka yi sai ta ja ta. Idan aikin ya fi ƙarfin gyaran da jiki ke yi, zaruruwanta kan fara saɓulewa. Alamar ita ce zafin ya taso idan an ɗaga buta ko an matse wanki.

Da yake jini kaɗan ne ke isa jijiyar, warkewarta na da nawa. Ciwon kan ɗauki wata 6 zuwa shekara 2, kodayake galibin masu shi na samun sauƙi cikin shekara guda.

Wannan jinkiri ne ke tura mutane neman allurar sitiroyid. Sai dai wani bincike da aka gudanar a Ostireliya, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar sun fi jin sauƙi a mako na 6, amma ciwon ya dawo wa galibinsu daga baya. Allurar na kwantar da zafi ne, ba ta gyara jijiya.

Abin da ke ƙarfafa ta shi ne nauyi daidai gwargwado. A ɗauki misalin kafinta: zai ɗora hannunsa a kan tebur, tafin na kallon ƙasa, wuyan hannun ya zarce bakin teburin, yana riƙe da ledar ruwa guda, wato kimanin rabin kilo. Sai ya ɗaga wuyan hannun da taimakon ɗaya hannun, sannan ya sauke shi a hankali cikin daƙiƙa 4. Zai yi haka sau 15, zagaye uku a kullum, har mako 12, yana ƙara nauyin sannu a hankali. Ɗan zafi ba laifi ba ne, amma idan ya wayi gari ciwon ya ƙaru, nauyin ya yi yawa. A wurin aiki kuma ya naɗa tsumma a ƙotar guduma domin ta yi kauri, ya riƙa ɗaukar kaya tafin hannu na kallon sama.

Idan kuwa ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa, ko gwiwar ta kumbura da zazzaɓi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, to wata matsala ce daban. Wajibi ne a ga likita, kamar a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi.