Me ya sa allurar da ta yi aiki bara ta ƙi aiki bana?

A daminar da ta wuce wani makiyayi a yankin Gazawa ya kira ni in duba ƴan awakinsa masu zawo. Kafin in iso ya riga ya yi musu allurar oksitetarasikilin, wadda aka fi sani da teramisin, da ya sayo a kasuwa. Ya ce mini: "Malam, bara da ita na tsai da zawon nan, bana kamar ruwa nake zuba musu."

Na tambaye shi nawa yake ja a sirinji. Mililita ɗaya ga kowace akuya, babba da ƙarama, mai ciwo da lafiyayya. To, irin wannan kwalba mai kashi 20 cikin ɗari, mililita ɗaya na kilo 10 ne. Jar akuya mai kilo 25 mililita biyu da rabi take buƙata. Wato bai kai rabi ba, kuma ya yi wa duk garken.

Cikin hanjin kowace akuya akwai ƙwayoyin bakteriya da ba su ƙirguwa, mafi yawansu ba su cutarwa. In magani ya shiga, sai ya kashe raunana ya bar ƴan kaɗan masu wata ƙwayar gado da ke ba su dabarar fitar da maganin daga jikinsu. Fili ya zama nasu, kuma irin su E. coli kan iya rabuwa biyu cikin minti 20 in sun samu yadda suke so.

Da a ce uwa ce kaɗai ke gadar wa ƴaƴanta wannan dabara, da da sauƙi. Amma bakteriya na ba maƙwabtansu, har waɗanda ba jinsinsu ɗaya ba.

Hanyar da ta fi damunmu ita ce ta hannu da hannu. Ƙwaya ɗaya na miƙa wani siririn zare ta jawo ƴar'uwarta, su manne, ta kwafa mata wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid. Mai bayarwa ba ta rasa nata ba, mai karɓa kuma ta zama mai bayarwa. Lederberg da Tatum ne suka gano haka a 1946. Abin lura shi ne zobe guda kan ɗauki kariya daga magani uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Shi ya sa wanda ya yi ta tsira teramisin kan koma wa sulfa ko sitiraftomaisin ya tarar su ma sun ƙi ci, alhali bai taɓa ba garkensa su ba. Teramisin ɗin ne ya raini masu zoben, sauran kariyar ta biyo su kyauta.

Sauran hanyoyin biyu: akwai tsintuwa, inda ƙwaya mai rai ke ɗaukar gutsuren gadon wadda ta mutu ta fashe, kamar yadda Griffith ya fara gani a 1928. Akwai kuma ta ɗan aike, inda wani bairos mai kama bakteriya kawai ke kwaso gadon wata bisa kuskure ya zuba wa ta gaba. Wanda ya gano wannan a 1952 tare da Lederberg sunansa Zinder, amma Ba'amurke ne, ba ɗan Damagaram ba.

Duk wannan musaya sai inda ƙwayoyi suka cakuɗa, kuma kashi ne ke haɗa su. Bakin rijiyar da garke goma ke sha, tabkunan da Gulbin Maradi ke bari a wajajen Gidan Rumji, turken kasuwar dabbobi a Agiye: nan ne ƙwayar akuyar wani ke shiga cikin tunkiyarka. Tana iya zama marar cutarwa, amma ta miƙa zobenta ga Salmonella mai kashe ƴan awaki. Hannun mai tatsa da nonon da ba a tafasa ba kuma su kai ta cikin yaran gida.

Kada a ɗauka duk maganin da ya ƙi ci juriya ce. Zawo na iya zama na tsutsar ciki ko na bairos, waɗanda teramisin bai taɓa su. Kwalbar na iya zama jabu, ko rana ta dafa ta a teburin mai talla. Ido bai rarrabewa. A ɗakin gwaji irin na LABOCEL da ke Yamai ake shuka ƙwayar a faranti, a ɗora ƴan takardu masu magani daban-daban, a duba washegari. Wanda ya share fili kewaye da shi yana ci. Wanda ƙwaya ta tsiro har jikinsa ya tashi aiki.

A garken mutumin nan mun ajiye sirinji. Muka ware marasa lafiya a turke dabam, muka ɗura wa ƙanana ruwan gishiri da sukari, muka ba da maganin tsutsa bisa nauyi, saboda cikin idon da yawansu ya yi fari. Biyu masu zazzaɓi kaɗai na zaɓa wa wani magani, cikakken awo, har ƙarshen kwanakinsa, kuma na hana a sha nononsu sai kwanakin jira da ke jikin kwalbar sun cika. Ɗaya ta tashi, ɗayar ta mutu a rana ta uku.