Yadda sinadarin kiriyatin ke sabunta ƙarfin tsoka cikin 'yan daƙiƙoƙi

A watan Yulin 2022, 'yar tseren Najeriya Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge a birnin Eugene na Amurka, inda ta kammala cikin daƙiƙa 12.12. A irin wannan ɗan lokaci, iskar da mutum ke shaƙa ba ta isa ta biya buƙatar tsokarsa ba. Kaso mai yawa na ƙarfin yana fitowa ne daga wata ajiya da ke cikin tsokar tun kafin a tashi tseren.

Tsoka ba ta amfani da abinci kai tsaye. Makamashin da take ƙonawa shi ne sinadarin da masana ke kira ATP, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin fosfet guda uku. Duk lokacin da tsoka ta motsa, ƙwaya ɗaya tana ɓallewa, ƙarfi ya fito, sinadarin kuma ya koma ADP mai ƙwaya biyu. Sai dai ATP ɗin da ke cikin tsoka kaɗan ne ƙwarai, ba ya wuce na daƙiƙa biyu zuwa uku idan ana aiki da iyakar ƙarfi.

A nan ne kiriyatin ke shigowa. Jikin mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 120 na sinadarin, kuma kusan kashi 95 cikin 100 yana cikin tsoka. Yayin da mutum ke hutawa, kusan kashi biyu cikin uku na wannan adadi yana riƙe da ƙwayar fosfet, abin da ake kira fosfokiriyatin. Da zarar ATP ya fara raguwa, fosfokiriyatin yana miƙa tasa ƙwayar ga ADP, nan take ya sake zama ATP. Mataki ɗaya ne tak, kuma ba ya jiran iska, shi ya sa ya fi kowace hanya sauri.

A tsere irin na Amusan, wannan ajiya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi wajen zabura daga layi da tsallake shingayen farko. Kafin a kai daƙiƙa goma, ta ragu matuƙa, jiki ya ƙara dogara ga sukarin da ke ajiye a tsoka. Wannan hanya ba ta kai ta farko sauri ba, kuma hakan na daga cikin dalilan da ke sa gudun 'yan gajeren tsere ke ɗan raguwa dab da layin ƙarshe.

Cika ajiyar kuwa yana buƙatar iska da hutu. Kimanin rabinta kan dawo cikin daƙiƙa 30, sauran kuma cikin minti uku zuwa biyar. Don haka ɗan ƙwallo ko ɗan dambe da ya sake zabura bayan hutun daƙiƙa goma kacal zai ji ƙarfinsa bai kai na farko ba.

Kowace rana jiki yana zubar da kusan giram biyu na sinadarin ta fitsari. Hanta da ƙoda suna haɗa kusan rabin abin da aka rasa, nama da kifi kuma su cike sauran. Masu shan garin kiriyatin kan bi ɗaya daga hanyoyi biyu: giram 20 kullum na kwana biyar zuwa bakwai sannan su koma giram uku zuwa biyar, ko kuma giram uku kullum na kusan mako huɗu. Duka biyun kan ƙara ajiyar da kusan kashi 20 cikin 100. Wanda ba ya cin nama sosai ya fi ganin bambanci, wanda tsokarsa ta riga ta cika kuwa ƙarin ba ya yi masa wani amfani.

Amfanin ya fi bayyana a aikin ƙarfi da ake maimaitawa, kamar ɗaga ƙarfe, ba a tseren dogon zango ba. Nauyin jiki kan ƙaru da kilo ɗaya zuwa biyu a makon farko, amma wannan ruwa ne da tsoka ta riƙe. Shan garin kuma yana iya ɗaga adadin da ake dubawa a gwajin jini na ƙoda ko da ƙodar lafiyarta ƙalau, saboda haka ya kamata mai sha ya sanar da likita kafin gwaji. Mai ciwon ƙoda kuwa bai kamata ya fara sha ba sai da shawarar likita.