Abin da ya haɗa girgizar Turkiyya da wutar da ta ɓarke kusa da Madina

Da asubahin Litinin, 6 ga Fabrairun 2023, ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya da ƙarfin maki 7.8. Bayan kimanin awa tara wata mai maki 7.5 ta biyo baya. Mutanen da suka rasu sun haura dubu 50. Da gari ya waye, an ga titunan mota da layin dogo sun karkace, an ga shingen gona ya rabu biyu, rabi ya goce daga ɗan'uwansa da mita uku ko huɗu. Wannan gocewar ita ce masana ilimin ƙasa suka fi zuba wa ido, domin ita ke nuna abin da ya faru a ƙarƙashi.

Doron duniya ba dunƙulallen dutse ɗaya ba ne. Ɓawonta mai tauri, wanda kaurinsa ya kai wajen kilomita 100, a tsattsage yake kamar tukunyar ƙasa da ta fashe amma gutsattsarinta ba su watse ba. Waɗannan gutsattsarin su masana ke kira farantai. Akwai manya guda bakwai da ƙanana da yawa, kuma nahiyoyi da tekuna duka a kansu suke. A ƙarƙashinsu akwai dutse mai tsananin zafi. Ba ruwa ba ne, amma zafi ya tausasa shi har yana iya malala sannu a hankali. A kan wannan shimfiɗa farantan ke tafiya, yawancinsu tsakanin santimita biyu zuwa goma a shekara.

Wani Bajamushe masanin yanayi, Alfred Wegener, ya gabatar da ra'ayin cewa nahiyoyi na tafiya a 1912. Ya lura gaɓar Brazil da ta yammacin Afirka sun dace da juna, kuma duwatsu da burbushin halittun da ke ɓangarorin biyu iri ɗaya ne. Aka yi watsi da shi saboda ya kasa bayyana ƙarfin da ke tura nahiya. Sai a shekarun 1960, da aka auna ƙasan teku, aka tabbatar cewa a tsakiyar Atalantika akwai doguwar tsaga inda sabon dutse ke ɓullowa yana faɗaɗa tekun. Yau na'urorin GPS ma suna auna tafiyar kai tsaye.

Farantin Larabawa, wanda ke ɗauke da Saudiyya da Yaman da maƙwabtansu, ya isa misali, domin yana nuna abin gaba da baya.

A da, yankin Larabawa manne yake da Afirka. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ya fara ɓallewa, ruwa ya cika gibin, shi ne Bahar Maliya, kuma har gobe tekun na ƙara faɗi da wajen santimita ɗaya a shekara. Inda farantai ke rabuwa, nauyin da ke danne zafaffen dutsen ƙarƙashi yana raguwa, sai wani sashensa ya narke ya nemi hanyar fita. Shi ya sa yammacin Saudiyya ke cike da filayen baƙin dutse da Larabawa ke kira harra. A shekarar 654 bayan Hijira, wato 1256, ɗaya daga cikinsu ya yi aman wuta kudu maso gabashin Madina, narkakken dutse ya malala fiye da kilomita ashirin, ya tsaya kafin ya isa birnin. A ɗaya gaɓar, a yankin Afar na Habasha, ƙasa ta tsage a watan Satumban 2005 tsawon kusan kilomita 60 cikin 'yan makonni.

Wannan a bayan farantin ke nan. A gabansa kuwa karo ake yi. Yana turawa arewa da kimanin santimita biyu a shekara, yana matse nahiyar Asiya. Matsin ne ya tayar da tsaunukan Zagros na Iran, shi ne kuma ke tunkuɗa ƙaramin farantin Anatoliya, wanda yawancin Turkiyya ke kansa, zuwa yamma. Iyakar da ke tsakanin farantan biyu ita ce tsagar Gabashin Anatoliya, kuma ɓangarorinta na gogar juna da kusan santimita ɗaya a shekara.

Da a ce suna zamewa salin-alin, da ba wanda zai ji. Matsalar ita ce duwatsun bakin tsagar suna cijewa, alhali farantan ba su daina tafiya ba. Dutsen sai ya riƙa lanƙwasawa yana tara ƙarfi. Lissafin mai sauƙi ne: santimita ɗaya a shekara, in aka yi shekara ɗari huɗu ba a zame ba, ya zama mita huɗu. Ranar da dutsen ya gaza, mita huɗun nan a cikin daƙiƙoƙi ake biyan su. Abin da ya faru ke nan a 2023, inda tsagar ta ɓalle tsawon kimanin kilomita 300. Da yake abin ya faru ne kusa da doron ƙasa, ƙasa da kilomita ashirin, jijjigar ta iso gidaje da ƙarfinta.

Akwai nau'in haɗuwa da ya fi wannan muni. Idan farantin teku ya ci karo da wani, sai mai nauyin ya nutse ƙarƙashi. Yana nutsawa da ruwa a jikin duwatsunsa, ruwan nan kuma yana sa dutsen da ke samansa ya narke da wuri. Narkakken dutsen irin wannan wuri yana da kauri, yana riƙe iskar gas, don haka in ya tashi fita fashewa yake yi. Haka ake samun jerin duwatsu masu aman wuta a Indunusiya da Japan da Chile. A nan ne kuma girgiza mafi girma ke aukuwa. Ta Disamban 2004 a gaɓar Sumatra ta ɗaga ƙasan teku, igiyar ruwan da ta taso ta hallaka mutum kusan dubu 230.

Najeriya da Nijar suna tsakiyar farantin Afirka, nesa da bakinsa, shi ya sa babbar girgiza ba ta zama ruwan dare a nan ba. Amma tsofaffin tsagogi na iya motsawa, kamar yadda mazauna Mpape a Abuja suka ji a Satumban 2018, kuma girgizar 1939 ta kashe mutane a Accra. Akwai ma abin da iyakokin farantai ba su bayyana shi ba: jerin duwatsun Kamaru ba a bakin faranti suke ba, amma Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma iskar da ta taso daga Tafkin Nyos a Agustan 1986 ta shaƙe mutum fiye da 1,700. Masana na ci gaba da muhawara kan tushen wutar wannan yanki.

Ilimin farantai yana faɗin inda girgiza za ta auku da irin girman da za ta iya kaiwa, amma ba ya faɗin rana. Tsagar Gabashin Anatoliya ta daɗe a taswirar wuraren haɗari kafin 2023, Turkiyya kuma tana da dokokin gini masu tsauri a rubuce. Da dama daga cikin benayen da suka rufta ba a bi dokokin ba wajen gina su, kuma bayan girgizar hukumomi sun kama 'yan kwangila da yawa a kan haka.