Idan ƙawarki ta miƙo miki muƙalarta a kan Odewale

A ajin adabi, malami kan sa ɗalibai su yi musayar muƙala, kowa ya rubuta wa abokin karatunsa wasiƙar abin da ya gani. Yawancin wasiƙun nan iri biyu ne. Wata ta ce "Ma sha Allah, kin yi ƙoƙari" ta sa hannu. Wata kuma ta bi kuskuren rubutu da jan biro har shafin ƙarshe. Duka biyun ba sa nuna wa mai muƙalar abin da za ta yi idan ta zauna gyara.

Mu ɗauki misali da wasan Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a Ife a 1968, aka kuma gina shi a kan Oedipus na Sophocles. Tun Odewale yana jariri, boka Baba Fakunle ya ce yaron zai kashe ubansa ya auri uwarsa. An ba Gbonka shi ya halaka a daji, tausayi ya hana. Daga baya Odewale ya kashe wani dattijo a rikicin gona, ya ceci Kutuje daga mutanen Ikolu, ya zama sarki, ya auri Ojuola. A ce ƙawarki ta rubuta shafi uku tana cewa zafin zuciya ne ya kai shi ga halaka.

Kafin yabo ko suka, fara wasiƙar da maimaita mata hujjarta da kalmominki: "Ƙawata, abin da na fahimta shi ne kina ɗora laifin a kan fushin Odewale, ba a kan ƙaddara ba." Idan ta ce ba haka take nufi ba, to kin riga kin gano babbar matsalar muƙalar. Idan kuwa kin kasa taƙaita hujjar a jimla ɗaya, mai yiwuwa labarin kawai ta sake bayarwa, kuma wannan ita ce cutar da ta fi kama masu rubutu a kan wasan ban-tausayi, domin labarin yana da daɗin faɗa.

Sai yabo, kuma dole ya nuna wuri. Ki ce: "A sakin layi na uku kin lura cewa Odewale bai kai ga kisa ba sai da dattijon ya yi wa ƙabilarsa ba'a. Wannan ya sa na daina ganin fushinsa a matsayin hali kawai." Yabo irin wannan gaskiya ne, kuma za ki buƙace shi nan gaba, domin da shi za ki nuna mata hanyar gyara.

Suka kuwa, zaɓi guda ɗaya mai nauyi. A nan ga ta a fili: an yi duban tun Odewale yana jariri, bai taɓa yin fushi da kowa ba. Muƙalar da ta ce fushi ne sanadi ba ta da ikon tsallake wannan. Kada ki ce mata ta yi kuskure, don ba ta yi ba. Giɓi ta bari. Tambaya ta fi amfani: "Idan an riga an faɗi makomarsa tun yana cikin zani, mene ne rabon fushinsa a ciki? Da za ki yi wa wannan wurin irin duban da kika yi wa rikicin gonar, da hujjarki ta tsaya da ƙafarta." Kina iya tuna mata cewa an gargaɗe shi ya zauna inda yake, shi kuma ya gudu don kada ya cuci waɗanda ya ɗauka iyayensa ne. Gudun nan ai na tausayi ne, kuma shi ya kai shi inda yake tsoro. Aristotle ya ce jarumin irin wannan wasa yakan faɗi ne ta wani kuskure, ba don mugunta ba, kuma a ganina ɗalibai da yawa suna ƙuntata wannan magana su mayar da ita mugun hali guda ɗaya.

Iyakar aikinki a nan take. Kada ki rubuta mata amsar, kada kuma ki ja ta zuwa ra'ayinki idan ke kina ganin ƙaddara ce ta yi aiki. Muƙalarta ce, ita za a ba maki.

Ƙananan gyare-gyare su zo a ƙarshe cikin layi biyu: ta haɗa Aderopo da Adetusa a wuri ɗaya, alhali ɗa ne da uba, ba ta sa lambar shafi a inda ta kawo maganar Alaka ba. Kafin ki miƙa wasiƙar, karanta ta ki tambayi kanki ko ƙawarki za ta san sakin layin da za ta fara buɗewa gobe da safe. Idan ba za ta sani ba, koma kan sukar ki ƙara fayyace wurin.