Layi ɗaya da ke raba zaure da cikin gida a kwamfutocin haya na Amazon

Kamfanin da ya kama hayar kwamfutoci a wurin Amazon ba zai so rumbun bayanan abokan cinikinsa ya zauna a bainar jama'a ba. Shi ya sa tun 2009 sashen AWS ke bai wa mai haya damar killace nasa filin, wanda a allo ake kira VPC.

A ɗauki kantin da ke ciniki ta intanet. Injiniyansa zai fara zaɓar jerin adireshi, a ce `10.0.0.0/16`, wato guda 65,536. Daga ciki sai ya yanki sassa biyu, kowanne ana kiransa `subnet`. Na farko, `10.0.1.0/24`, shi ne zaure, inda na'urar da ke tarbar masu saye take. Na biyu, `10.0.2.0/24`, cikin gida ne, mazaunin rumbun bayanai. Kowane sashe adireshi 256 gare shi, amma Amazon na riƙe biyar, saura 251.

Abin da ya bambanta su ba suna ba ne, layi ɗaya ne a jadawalin hanyoyin kowannensu:

```
10.0.1.0/24   0.0.0.0/0 -> igw-...
10.0.2.0/24   0.0.0.0/0 -> nat-...
```

Ma'anar `0.0.0.0/0` ita ce duk adireshin da ba na gida ba. Sashen farko yana miƙa irin wannan saƙo kai tsaye ga ƙofar intanet. Na biyu kuwa sai ya bi ta `NAT gateway`, wadda Amazon ya fito da ita a 2015. Idan kwamfutar ciki na son sauko da sabuwar manhaja, NAT ce ke fita da buƙatar da nata adireshin, ta dawo mata da amsa. Wanda ke waje ba shi da hanyar fara ƙwanƙwasawa.

A nan ne sababbin hannu ke tuntuɓe. Tunda sashen ciki take yi wa aiki, sai su ajiye ta a can, alhali dole ta zauna a sashen farko, da tsayayyen adireshinta na `Elastic IP`. Alamar kuskuren ba ta da hayaniya: a buga `apt update`, allo ya yi tsit, can ya ce lokaci ya ƙare. Gogagge jadawalin hanyoyi yake fara dubawa.

Sai batun kuɗi, wanda galibi sai takardar biya ta iso ake tunawa da shi. A yankin arewacin Bajiniya ta Amurka, NAT na cin santi 4.5 a awa, kusan dala 33 a wata ko ba ta yi aikin komai ba, sannan wani santi 4.5 a kan kowane gigabait. Kantin da ke tura hotuna gigabait 1,000 zuwa ma'ajiyar S3 ta wannan hanya zai ƙara dala 45 a banza, domin akwai `gateway endpoint` da ke kai kaya S3 kyauta.